Kalma Ashirin, Babu Gyara

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, Shi ne Ya san abin da zukata suka ɓoye. Labarin maƙwabciyata Hajjo zan bayar. Na nemi izininta, ta ce in rubuta, amma kada in cika surutu.

Duk wanda ya taɓa sayen kayan ciki a kasuwar unguwarmu a nan Garwa ya san Hajjo. Teburinta na ƙarshen layin mahauta, kusa da famfo. Tumbi, hanji, huhu, ƙafar sa, duk a wanke tas, an lulluɓe da farin ƙyalle. Doguwa ce, siririya, hannuwanta sun yi kanta saboda ruwa da wuƙa. Abu biyu aka san ta da su. Ba ta yawan magana, kuma ba ta gyara. In ka ce kilo, kilo za ta auna maka, allurar sikeli ta tsaya cak, ba za ta ɗora ko ɗan yankin hanji a kai ba. Sauran mahauta kowa na jefa wa mai saye ɗan wani abu don ya dawo gobe. Ita kuwa ko kai surukinta ne, sai dai ka yi haƙuri. Baƙi kan ce rowa ce. Ni na san ba rowa ba ce, domin ranar da mijina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kwana bakwai tana aiko mini da tukunyar farfesu ba ta bari kowa ya sani ba.

Asalin abin a lakwal ne, makarantar boko, kuma a idona aka yi. Ajinmu ɗaya, ajin ƙarshe na firamare. Na girme ta da shekara biyu, ina zama can baya, kuma daga wannan aji ban ƙara gaba ba. Hajjo na da shekara goma sha biyu. Ita ce ta ɗaya a kowane zango. Mai bi mata ita ce Nazira, 'yar gidan fataken da kakansu ya zo daga Kano da atamfa, har yau su ne da shagunan bakin titi.

Baban Hajjo, Adamu, mahauci ne mutumin Bogo, kuma bai ga amfanin bokon mace ba. Amma ya yi mata alkawari a gaban uwarta: in ta zo ta ɗaya a jarrabawar ƙarshen shekara, zai bar ta ta wuce kwaleji. In ta sauka ko da mataki ɗaya ne, sai ta zo wankin tumbi.

A jarrabawar Faransanci, malaminmu Malam Bertrand ya rubuta wani labari a allo, ya ce kowa ya taƙaita shi a jimla ɗaya, kada ta wuce kalma talatin, wanda ya wuce sifili ne. Da aka gama ya ce a yi musayar takardu, kowa ya ƙirga na maƙwabcinsa. Takardar Hajjo ta faɗa hannun Nazira. Ina ganin lokacin da ta ɗaga yatsa.

"Malam, talatin da ɗaya ne."

Malam Bertrand ya karɓa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ka ga a fuskarsa bai so ba, don jimlar ta fi ta kowa kyau. Da an yi shiru, wataƙila da ya kawar da kai. Sai Nazira ta juyo ga aji ta ce da Hausa, "Ai 'yar mahauci ce, ba ta iya awo babu gyara ba."

Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini. Sifilin nan ya mayar da Hajjo ta huɗu. Bayan hutu Nazira ta tafi kwaleji da sabuwar jaka, Hajjo ta ɗauki kwano ta bi babanta mayanka. Sunan kuma ya bi ta. Yara na kiranta Gyara, manya suka ɗauka, har wasu ba su san sunanta na yanka ba.

Daga ranar da ta kafa teburin kanta ba ta taɓa yi wa kowa gyara ba. Ta yi aure, ta haifi huɗu, ta aurar da biyu, mijinta Ishaku direban motar shanu ne, mutum mai barkwanci, yakan ce ya auri mace mai auna masa magana da sikeli. Gaskiya ne. Wata ɗabi'a ta kama ta: in mutum na magana a taro, sai ka ga hannunta cikin mayafi tana jan carbi. Mutane na zaton tasbihi take yi. Ni da nake zama kusa da ita a wajen wa'azi na gane kalmomin mai magana take ƙirgawa. Na taɓa ce mata, "Hajjo, carbi na ambaton Allah ne." Ta ce, "Adda Khaula, Allah ma Ya ce za a ƙirga." Adda take kirana, wato yaya da Fillanci.

Nazira kuwa ta yi karatu har ta kusa jami'a, ta dawo ta gaji shagon babanta, ta je Makka sau biyu. Hajiya Nazira ke nan. Ita ce ke jan ƙungiyar matan kasuwa, a tsakar gidanta ake taro. In ta gamu da Hajjo a layin mahauta sai ta yi murmushi ta ce, "Gyara, jam na?" wato lafiya kuwa, da Fillanci. Hajjo ta ce, "Jam." Shekara talatin da uku ke nan, ban taɓa jin ta ƙara kalma ta biyu ba.

To, a daminar bara kogin Binuwai ya cika ya shiga unguwannin ƙasa, aka fara jin raɗe-raɗin amai da gudawa. Ofishin kiwon lafiya na yankinmu ya turo wata ma'aikaciya, Madam Léontine, mutuniyar Poli, mai fara'a, mai son a rabu lafiya da kowa. Ta ce ana neman mace ɗaya daga cikin matan kasuwa wadda za a ba riga mai tambari da lasifika ta hannu, ta riƙa zagaya layuka tana isar da saƙon ofis. Takardun ofis da Faransanci suke zuwa, dogaye. Aikin matar shi ne ta karanta, ta matse shi ya zama magana ɗaya, ta faɗa da Fillanci da Hausa.

"Kasuwa ba ta tsayawa ta saurari shafi biyu," in ji Madam. "Numfashi ɗaya kike da shi kafin mutum ya wuce. Saboda haka gwaji zan yi muku."

Ta raba takarda ɗaya-ɗaya ga masu so. Mata shida suka karɓa. Hajiya Nazira ta karɓa tana cewa, "Don dai in ba ƙananan ƙarfin gwiwa." Kowa ya ɗauka rigar tata ce, har an fara taya ta murna. Sai ga hannu mai kanta ya miƙo daga baya. Hajjo.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Gyara, har yanzu kina tuna baƙi?"

Hajjo ta ninke takardarta ta sa a mayafi.

Ga abin da ke jikin takardar, kamar yadda Hajjo ta fassara mini. A karanta nassin da za a turo, a taƙaita shi a jimla ɗaya tak da Faransanci. Kada a kwafi jimlar marubucin, kada a sa ra'ayin kai. Kada ta wuce kalma ashirin. A rubuta adadin kalmomi a ƙarshe. Can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe: babu rangwame ko na kalma ɗaya, wadda ta wuce ba za a duba tata ba.

Nassin yana cikin wani ɗan littafi ne guda ɗaya tilo da ofis ke da shi. Saboda haka Madam ta ɗauki hotonsa da waya ta tura zauren ƙungiya na watsap ranar Litinin, ta ce a kawo amsa ranar Alhamis bayan la'asar, a gidan Hajiya.

Wayar Hajjo ƙarama ce mai maɓalli, ba ta buɗe hoto. Tawa ɗana ya aiko mini da ita daga Yawunde. Don haka da ta tashi daga kasuwa sai ta shigo wurina, ta wanke hannu sau uku da sabulu kafin ta taɓa wayar, muka zauna a inuwar dalbejiya. Hoton ya ɗan karkace, gefe ɗaya akwai inuwa, a ƙasa kuma ga babban yatsan Madam da jan farce ya danne shafin. Ina buɗa mata hoton da yatsu biyu, tana kwafewa layi-layi a kan takardar siminti irin wadda take naɗe nama da ita. Ta ce ba ta yarda da rubutun da ke mutuwa in an bar taɓa shi ba.

Maganar kwalara ce. Yadda take bin ruwa mara tsabta, labarin wani ƙauye da rijiya ɗaya ta kwantar da gida goma sha ɗaya, a tafasa ruwa ko a sa masa maganin tsarkakewa, a wanke hannu da sabulu bayan ban-ɗaki da kafin cin abinci, a rufe abinci saboda ƙuda.

Ta kai layin ƙarshe sai biro ya tsaya.

"Adda, ƙara buɗa nan."

Na buɗa.

"Ba aya. Waƙafi ne. Maganar ba ta ƙare ba."

Na ce wataƙila yatsan ne ya rufe ayar. Ta girgiza kai. Ta ce wanda ya saba da dabba ya san inda aka yanke ta da inda ta ƙare da kanta. Nassin ya yi ta faɗin yadda za a tsare kai, bai ce komai ba game da wanda cutar ta riga ta kama, kuma ba likitan da zai rufe baki a nan.

Ranar Laraba da hantsi ta bar teburi a hannun maƙwabcinta, muka hau mashin biyu zuwa ofis. Madam Léontine ta ɗauko littafin daga aljihun tebur tana dariya, ta buɗe shafin, ta juya bayansa, sai dariyar ta ɗauke. Layi huɗu ne a saman shafi na gaba. Suna cewa duk wannan kariya ce kawai, amma wanda gudawa ta kama kamar ruwa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida, a garzaya da shi asibiti, domin cutar na iya kashe mutum cikin sa'o'i kaɗan.

"Wayyo ni," in ji Madam, ta dafe kai. "Kuma gobe ne. Ku ji, mama, ku bar shi a tsakaninmu. Zan duba na kowa a kan abin da ke cikin hoton, ke ma ki yi a kan hoton. Babu wadda za ta cutu."

Hajjo ta ce, "A'a. Ki ɗauki hoton ki tura."

"Mutane sun riga sun gama nasu."

"Saƙon da babu asibiti a ciki ba saƙo ba ne. Ki tura wa kowa. Ki kira Hajiya Nazira da bakinki ki tabbatar ta gani."

Madam ta ga gaskiya ce. Ta ɗauki hoton, wannan karon ta janye yatsanta, ta tura, ta kuma kira Hajiya a gabanmu. Muna jin muryarta ta waya tana cewa, "Ba komai Madam, ni tun Litinin na gama, ashirin cif. Wannan ɗan ƙarin minti biyar ne."

Da muka fito raina ya yi fari. Na ce, "Alhamdu lillahi, Hajjo, yau kin ci nasara a kan Shaiɗan. Da kin yi shiru ke kaɗai ce da cikakken nassi."

Ta dube ni kamar yadda take duban mai neman ragi.

"Adda, kin ɗauka alheri na yi mata? In na ci ta da rabin hoto, har ta mutu za ta ce hoto ne ya kayar da ita. Ban yarda ta samu wannan mafakar ba. Kuma kin ji da kunnenki, kwanonta ya cika ashirin cif. Na aika mata da gyara. Mu ga inda za ta zuba."

"Ai sai ta rage wani abu."

"Nazira? Kin taɓa ganin ta fitar da tsohon yayi daga shago? Tun muna yara, abin da ya shiga hannunta ba ya fita."

Na ce mata ta ji tsoron Allah, riƙo ba kyau. Ta ce, "Rama cuta ga macuci ibada ne." Na ce wannan karin magana ce, ba hadisi ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ce Annabi ya faɗa ba.

Da yamma ta zo da takardar siminti da carbi. Jimlar farko da ta yi, kalma arba'in da ɗaya. Ta zauna tana fiɗa. Labarin ƙauyen da rijiya shi ya fara tafiya, ta ce misali ne, misali kuwa fata ce, ba a ɗora ta a sikeli. Tafasawa da sa magani ta haɗe su suka zama ruwan da aka tsarkake. Bayan ban-ɗaki da kafin cin abinci ta cire, ta ce wanda ya ji sabulu ya ji sauran. Ta ƙirga, ashirin da shida.

A nan aka daɗe. Rufe abinci da ƙuda ne suka rage, kuma Hajjo mai farin ƙyalle ce, duk rayuwarta yaƙi da ƙuda take yi. Ta riƙe biro a kan kalmomin har aka kira magariba. Muka yi salla. Da ta sallame ta ce, "Marubucin layi ɗaya ya ba ƙuda, ya ba ruwa takwas. Son raina ne ke riƙe da su, ba shi ba." Ta soke su da layi ɗaya. Ta ƙirga sau uku, kowace kalma ƙwayar carbi ɗaya, ta kwafe a takardar ofis, ta rubuta adadi a ƙasa. Ba ta nuna mini ba.

Ranar Alhamis tsakar gidan Hajiya ta cika, mata sun fi arba'in a kan tabarmi. An ba Madam kujera mai laushi, an ajiye mata zoɓo mai sanyi da soyayyen nama, Hajiya na gefenta cikin sabon leshi. Rigar da lasifikar na kan tebur kusa da gwiwar Hajiya, kamar an riga an ba ta.

Madam ta ce za ta karanta kowace a fili. Ta farko jimla biyu ta yi, aka ajiye. Sadiya mai kifi ta kwafi jimlar littafin ne sak, ta ce ai marubucin ya fi ta iyawa, aka yi dariya aka ajiye. Biyu ba su sa maganar asibiti ba, ɗayarsu ta ce ba ta da kati a waya da za ta buɗe hoto na biyu. Saura biyu.

Madam ta karanta ta Hajiya. Gaskiya ta yi daɗi a kunne, ko ni da Faransancina ya tsufa na ji tana tafiya kamar ruwa. Komai na ciki, ruwa, sabulu, rufe abinci, ƙuda, asibiti. Mata suka fara guɗa. Ni kuwa hannun Hajjo nake kallo a cikin mayafi. Ƙwayoyin na tafiya ɗaya-ɗaya, sai na ga sun tsaya, sai na ga ta lumshe ido kamar wadda ta sha ruwa bayan azumi.

"Madalla," in ji Madam. "Wannan kam..."

"Nawa ne?"

Kowa ya waiga. Hajjo ce, a zaune, ba ta ɗaga murya ba.

Madam ta duba ƙasan takarda. "Ta rubuta ashirin da biyu."

"Ni na rubuta da hannuna, ban ɓoye ba," in ji Hajiya tana murmushi. "Wanda ya yi kwaleji ya san ƙa'idar taƙaitawa. Ana yafe kashi goma cikin ɗari, sama ko ƙasa. Kashi goma na ashirin biyu ne. Ko ba haka ba, Madam? Ba laifinki ba ne, Gyara, ba a koyar da wannan a firamare."

"Haka ne, a jarrabawar makaranta ana yin haka," in ji Madam, tana duban kofin zoɓo. "Kalma biyu kuma ba wani abu..."

Hajjo ta miƙe. Ta zaro tata takardar, ta taka tsakanin tabarmi har gaban tebur, ta ɗora yatsa a kan ƙananan baƙaƙen nan na ƙasa.

"Madam, ni ban yi kwaleji ba. Karanta mana wannan layin, ki fassara, kowa ya ji."

Madam ta karanta. Ta fassara da Fillanci, murya ƙasa-ƙasa. Babu rangwame ko na kalma ɗaya, wadda ta wuce ba za a duba tata ba.

"Wa ya rubuta?"

"Ofis."

"Akwai irinsa a takardar Hajiya?"

Madam ta duba. "Akwai."

Hajiya ta fizgi takardar ta kai kusa da ido. Na rantse ba ta taɓa karanta layin ba sai a lokacin. Ta ga ashirin a sama, ta ce ta san sauran.

"To ai sai in cire biyu yanzu," in ji ta. "Kawo biro. Da ma ashirin na yi, wannan ƙarin na jiya ne ya ɓata mini lissafi. Na rage, na rage, abin da ya saura duk mai amfani ne."

"An miƙa takarda," in ji Hajjo. "A ƙirga a fili, kada a ce na yi mata ƙage."

Sadiya mai kifi, wadda aka ajiye tata ba a tausaya mata ba, ta ce, "Ƙwarai, a ƙirga! Mu da aka zubar da namu 'ya'yan bayi ne?" Sauran ukun suka goya mata baya. Madam ba ta da mafita. Ta ɗora biro a kan kalma ta farko. Hajjo ta fito da carbinta fili, karo na farko da na ga ta yi haka, mata suka kama ƙirga da baki tare da ita. Da aka kai ashirin matan suka tsaya. Madam ta taɓa ta gaba.

"Ashirin da ɗaya," in ji Hajjo ita kaɗai. Ƙwaya ta faɗa. "Ashirin da biyu."

Ta juya ga matan, kamar yadda wata yarinya ta taɓa juyawa ga aji.

"Ku yi mata uzuri. 'Yar fatake ce, ba ta iya awo babu gyara ba."

Waɗanda suka san tsohon labarin ba su fi mu biyar ba, amma dariyar ta kama kowa, har da masu ɗaukar tire. Ni ban yi ba. Na yi tawa shekara talatin da uku da suka wuce, ta ishe ni. Hajiya Nazira ta dubi Hajjo. Ta ce, "Hajjo, maganar yara? Tun ta lakwal?"

Ban taɓa jin ta kira sunan ba sai ranar.

Madam ta yi sauri ta ɗauki takarda ta ƙarshe ta karanta:

"Contre le choléra, buvez une eau traitée, lavez vos mains au savon et conduisez vite tout malade au dispensaire."

Ma'ana, don kauce wa kwalara, ku sha tsarkakakken ruwa, ku wanke hannu da sabulu, ku gaggauta kai duk mara lafiya asibiti. Hajiya da kanta ta ce a ƙirga. Aka ƙirga. Goma sha tara.

"Kina da sauran wurin kalma ɗaya ma," in ji Madam. "Me ya sa ba ki cika ba?"

"Akwai wata ɗaya da na taɓa ƙarawa," in ji Hajjo. "Ita na cire."

Madam ba ta gane ba, ta miƙa mata riga da lasifika. Sai da ta miƙa hannu ta gaban Hajiya kafin ta ɗauko su.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin nama ya iso daga mayanka, Hajjo na zagaya kasuwa da rigarta. Tana faɗin saƙon sau ɗaya a bakin kowane layi, da Fillanci sannan da Hausa, numfashi ɗaya-ɗaya, kuma mutane na ji don ba ta ɓata musu lokaci. A daminar an kai mutum biyu asibiti daga layin masu kifi tun da wuri, duka sun tashi, Allah Shi ne mai warkarwa. A ƙofar shagon atamfa kuwa takan tsaya daidai tsakiya, ta juya bakin lasifikar ciki, ta faɗa a hankali, kalma-kalma, kamar mai ƙirga. Ba ta taɓa ambaton sunan kowa ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ba wanda ke ce mata Gyara yanzu. Hajiya ta daina biyowa ta layin mahauta, aike take yi.

A watan azumin da ya wuce na sake yi mata magana. Na ce, "Kin samu abin da kike so, an rama, ga wata mai alfarma. Ki je ki gaishe ta, ku yafi juna." Tana auna wa wata mata tumbi, ta jira allura ta tsaya, ta cire ɗan yankin da ya haura ta mayar kan teburi, ta naɗe sauran.

"Ni na cire ɗayata, Adda," in ji ta. "Ita biyunta na nan."

Ina sa su duka biyu a addu'a.